Kama Da Wane Ba Ta Wane: Abin Da Makin Manhajar Gano Rubutun Inji Ke Nunawa

Tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, malaman makarantu suka shiga wani sabon hali. Ɗalibi zai kawo rubutu mai kyau, malami kuwa ba shi da tabbacin ko yaron ne ya zauna ya rubuta, ko kuwa inji ne ya rubuta masa. Ba a daɗe ba sai ga waɗansu manhajoji sun fito, waɗanda aka ce suna gane rubutun inji. Akan zuba musu rubutu, su kuma su ba da maki, su ce kashi kaza cikin 100 na wannan aiki inji ne ya yi shi.

To, sai masu gwaje-gwaje suka lura da wani abu. Idan aka ce wa injin ya rubuta abu haka kawai, makin yakan hau sama. Amma idan mutum ya fara ba injin waɗansu rubuce-rubucensa na dā, ya ce ya kwaikwayi salonsa, sau da yawa sai makin ya sauka, har manhajar ta ce rubutun mutum ne. Injin bai canja ba, manhajar ma ba ta canja ba. Me ya sauya makin? Kuma idan ya sauya, me wannan ya tabbatar? Tambayar ta shafe mu, domin a cikin masu karanta wannan shafi akwai malamai da iyaye, akwai kuma ɗaliban da za a iya yanke musu hukunci bisa ga wannan maki.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata malama a kwalejin horon malamai ta ba 'yan ajinta aikin rubutu a kan amfanin ilimi. Ladi ta zauna ta rubuta nata da kanta, cikin Turanci mai sauƙi irin wanda aka koya mata tun daga firamare. Bitrus kuwa ya tattara tsofaffin rubuce-rubucensa guda huɗu, ya ba inji, ya sa ya rubuta masa sabo cikin salonsa. Malama ta zuba duka biyu a manhaja. Na Ladi ya sami maki mai yawa, wato ana tuhumarsa, na Bitrus kuwa ya wuce lafiya. Wannan misali ne muka ƙaga, amma za mu ga cewa abin da ke cikinsa ba tatsuniya ba ce.

Yadda injin ke rubutu

Kafin mu gane manhajar, sai mun gane injin. Aikin injin rubutu shi ne hasashen kalmar da za ta biyo baya. An horar da shi da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ya san abin da ya saba bin wani abu. Idan aka ce “na tashi da safe na wanke”, kowane Bahaushe ya san “fuska” ko “baki” ne suka fi kusa, “keke” na iya zuwa amma da wuya, “gajimare” kuwa ba ya zuwa. Haka injin ke yi. A kowane mataki yana jera kalmomin da za su iya zuwa, ya ba kowace nauyinta, sannan ya zaɓa, kuma galibi daga cikin masu nauyi yake zaɓa.

Bayan wannan horo na farko, kamfanoni sukan ƙara masa wani, inda mutane ke duba amsoshinsa suna nuna waɗanda suka fi so. Daga nan ne injin ke samun muryarsa ta yau da kullum: jimloli masu tsari, tsawonsu kusan ɗaya, babu kuskuren nahawu, babu zancen da ya kauce hanya, a ƙarshe kuma a taƙaita abin da aka faɗa. Idan ba a ce masa kome game da salo ba, da wannan murya yake magana. Ita ce rigarsa ta zaman gida.

Abin da manhajar ke aunawa

Manhajar gano rubutun inji ba ta ga lokacin da aka yi rubutun ba. Ba ta san wanda ya zauna gaban kwamfuta ba. Kalmomin da aka zuba mata kaɗai take gani, kuma hanyoyi biyu ne manya da ake bi wajen auna su.

Hanya ta farko ita ce auna mamaki. Manhajar tana da nata injin a ciki, wanda ke karanta rubutun kalma bayan kalma yana duba ko ya zaci wannan kalma za ta zo a nan. Idan kusan kowace kalma ta zo yadda ya zata, sai a ce rubutun ba shi da mamaki, a jingina shi ga inji. Idan kalmomin suna yawan saɓa wa zatonsa, sai a jingina shi ga mutum. Akan kuma duba ko jimlolin sun bambanta da juna, wata doguwa wata gajeriya, wata mai sauƙi wata mai sarƙaƙiya, domin mutane sun fi inji yawan hawa da sauka. Da wannan hanya GPTZero ta fara, wadda Edward Tian, ɗalibi a jami'ar Princeton ta Amurka, ya fitar a watan Janairu na 2023.

Hanya ta biyu ita ce horo da misalai. Akan tara rubuce-rubucen mutane a gefe ɗaya, na inji a ɗaya gefen, a horar da manhaja har ta koyi alamun da suka raba su. Daga baya GPTZero ma ta koma ga wannan hanya. Amma a lura, abin da irin wannan manhaja ta sani game da rubutun inji bai wuce irin wanda aka nuna mata lokacin horo ba. Idan akasarin abin da ta gani rubutun inji ne cikin muryarsa ta yau da kullum, to wannan murya ce ta koya.

Abin da samfurin Bitrus ya canja

Yanzu mu koma ga Bitrus. Lokacin da ya ba injin rubuce-rubucensa guda huɗu, ba sabon horo ya yi masa ba. Abin da ya yi shi ne ya sa su a gaban injin, yadda duk hasashen da zai yi sai ya yi la'akari da su. A ce Bitrus ɗan manomi ne, kullum da aikin gona yake kwatanta abu, yana yawan ambaton acca da taki da damina, yana kuma son yanke magana da gajeriyar jimla. Da injin ya ga haka, nauyin kalmomi ya sauya a wurinsa. Kalmar da dā take can ƙasa a jerin zaɓinsa, yanzu ta hau sama.

Rubutun ɗalibai da Turanci yake, amma bari mu kwatanta da Hausa don a gani sosai. Ba tare da samfuri ba, injin zai iya rubuta: “Ilimi yana da muhimmanci ga ci gaban ƙasa.” Da samfurin Bitrus kuwa, zai iya rubuta: “Ilimi kamar taki ne a gonar acca, ba ranar da aka zuba ake ganin aikinsa ba.”

Mu ɗauki kalmomi uku daga kowace jimla, mu ba su lambobi na misali. A jimla ta farko, a ce manhajar tana ganin damar zuwan “muhimmanci” ɗaya ce cikin 8, ta “ci gaba” ɗaya cikin 4, ta “ƙasa” ɗaya cikin 2. Idan aka ninka 8 da 4 da 2 za a sami 64. Lambar da za a jera sau uku a ninka ta ba da 64 ita ce 4. Wato a matsakaici, manhajar tana ji kamar tsakanin kalmomi 4 ake zaɓa a kowane mataki. Mamaki kaɗan ke nan, sai ta ce inji ne.

A jimla ta biyu, a ce damar “taki” ɗaya ce cikin 64, ta “acca” ɗaya cikin 16, ta “zuba” ɗaya cikin 4. Ninkinsu 4,096, matsakaicinsu kuwa 16. Mamakin ya ninka sau huɗu, sai manhajar ta ce wannan mutum ne.

Ga inda asirin yake. Shi injin da ya rubuta jimla ta biyu bai ji wani mamaki ba. Yana da rubuce-rubucen Bitrus a gabansa, saboda haka a wurinsa “taki” na iya zama ɗaya cikin 8, “acca” ɗaya cikin 4, “zuba” ɗaya cikin 2. Matsakaicin ya dawo 4, daidai da na jimla ta farko. Injin bai daina zaɓen kalmar da ta fi kusa ba, abin da ya saba yi shi ya yi. Bambancin shi ne manhajar ba ta ga samfurin ba. Kamar mutum ne ya shigo tsakiyar hira, ya ji an ambaci acca ya yi mamaki, alhali waɗanda ke zaune tun farko sun san zancen gona ake yi.

Manhaja mai bin hanya ta biyu ma abin yakan taɓa ta, sai dai ta wata kafa. Samfurin ya janye injin daga muryarsa ta yau da kullum. Tsawon jimloli ya bambanta, kalmomin da injin ya saba maimaitawa sun ragu, wani lokaci har ƙananan kurakuran mai samfurin sukan shigo. Alamun da manhajar ta koya ta nema sun yi ƙaranci, sai makin ya sauka.

Me ya sa aka tuhumi Ladi?

Dalili ɗaya ne, sai dai ya juyo ta baya. Mai rubutu da harshen da ba nasa ba yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbata da su, da tsarin jimlar da aka koya masa a aji. Ba ya kasada. Rubutunsa daidai ne, amma mai sauƙin hasashe, manhaja kuwa sauƙin hasashe take nema.

An gwada wannan. A shekarar 2023 waɗansu masana a jami'ar Stanford, cikinsu har da James Zou, suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Patterns. Sun ɗauki rubuce-rubuce 91 na masu shirin jarrabawar Turanci ta TOEFL, waɗanda Turanci ba harshen iyayensu ba ne, suka zuba su cikin manhajoji bakwai. A matsakaici, manhajojin sun ce kusan kashi 61 cikin 100 na waɗannan rubuce-rubuce na inji ne, alhali duka mutane ne suka rubuta su. Rubuce-rubucen yaran Amurka 'yan aji takwas kuwa, kusan duka an gane su a matsayin na mutane.

Masanan ba su tsaya nan ba. Suka sa ChatGPT ya ƙawata kalmomin rubuce-rubucen nan na TOEFL su yi kama da na haifaffen mai Turanci. Tuhumar ta sauka zuwa kusan kashi 12 cikin 100. A duba wannan da kyau: rubutun da hannun mutum kaɗai ya taɓa an ce na inji ne, da inji ya sa masa hannu kuma sai aka ce na mutum ne. 'Ya'yanmu da ke rubutu da Turanci bayan Hausa da harshen gida suna cikin irin mutanen da wannan kuskure ya fi faɗa wa.

Wannan sauƙin hasashe ne kuma ya sa a 2023 aka ga manhajoji suna cewa tsarin mulkin Amurka da waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki na Turanci rubutun inji ne. Rubuce-rubuce ne da aka maimaita ba iyaka cikin abin da aka horar da injuna da shi, har injin ya kusa haddace su, babu kalmar da za ta ba shi mamaki.

Abin da sauyin maki ya tabbatar

Abu na farko, ya tabbatar cewa makin kamannin rubutu yake aunawa. Marubucin aikin Bitrus bai canja ba tsakanin gwaji na farko da na biyu, inji ne a duka biyun. Salo kaɗai aka canja, makin kuma ya bi salon. Ma'aunin da ke motsi idan aka sauya riga, rigar yake aunawa.

Abu na biyu ya fito ne daga na farko. Ƙaramin maki ba shaida ba ce cewa mutum ne ya rubuta, domin ga na Bitrus ya wuce. Babban maki kuma ba shaida ba ce cewa inji ne ya rubuta, domin ga na Ladi an tuhume shi. Masu ƙera injin da kansu sun ci karo da wannan. OpenAI ya fitar da tasa manhajar ganowa a watan Janairu na 2023, ya kuma bayyana cewa kashi 26 cikin 100 na rubutun inji kaɗai take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Ya gargaɗi jama'a cewa ba a dogara da ita a kan gajeren rubutu, kuma aikinta ya fi muni a harsunan da ba Turanci ba. A watan Yuli na shekarar ya janye ta saboda rashin daidaito. Mai zuba rubutun Hausa cikin manhajar da aka horar da Turanci sai ya riƙe wannan gargaɗi.

Akwai kuma lissafin da masana a jami'ar Maryland suka nuna a 2023: gwargwadon yadda rubutun inji ya matso kusa da na mutane, gwargwadon yadda ko manhajar da ta fi kowace ƙwarewa za ta matso kusa da canki-canka. Kwaikwayon salon mutum kuwa matsowa ce kai tsaye, domin an nuna wa injin ainihin mutumin da ake so ya yi kama da shi.

Abin da bai tabbatar ba

A nan ne mutane da yawa suke wuce gona da iri. Saukar maki ba ta nuna cewa injin ya iya kwaikwayon Bitrus sosai ba. Tambayar da manhajar ke amsawa ita ce ko rubutun ya yi kama da na inji, ba ta tambayi ko ya yi kama da na Bitrus ba. Injin yakan ɗauki abubuwan da ke a sarari, kamar acca da taki, ya yi ta maimaita su fiye da yadda mai su yake yi. Malamar da ta shekara biyu tana karanta rubutun Bitrus za ta iya jin cewa gishirin ya yi yawa. Za ta kuma iya ganin an ambaci wani abu game da noma wanda ɗan manomi ba zai faɗa ba, domin injin salo ya ara, bai taɓa riƙe fartanya ba.

Haka nan, makin ba kullum yake sauka ba. Da Ladi ce ta ba da samfurinta, mai yiwuwa makin ya tsaya a sama, tun da salonta mai sauƙin hasashe ne. A dogon rubutu kuma injin yakan zame a hankali ya koma muryarsa ta gida. Masu manhajoji su ma ba barci suke yi ba, suna ƙara irin waɗannan rubuce-rubuce na kwaikwayo cikin horonsu. Saboda haka abin da ya wuce wata manhaja bara ba lalle ya wuce ta bana ba, gwaji ɗaya da rubutu ɗaya kuma bai isa a kafa hukunci a kansa ba.

Akwai ma wata hanyar ganowa da kwaikwayon salo bai taɓa ta haka ba. A watan Oktoba na 2024 masanan Google DeepMind suka bayyana SynthID a mujallar Nature. A wannan hanya injin ne da kansa ke saka ɓoyayyen tambari cikin zaɓen kalmominsa lokacin da yake rubutu, mai mabuɗin kuma zai iya dubawa daga baya. Tun da injin ne ke zaɓen kalmomi ko da salon wa yake bi, tambarin yana shiga. Iyakarta ita ce sai injin da aka sa wa tambarin take kamawa, kuma sake rubutun gaba ɗaya ko fassara shi yakan raunana tambarin.

A ƙarshe, saukar maki ba ta mai da aikin ya zama na Bitrus ba. An ba shi aiki ne don ya yi tunani ya rubuta, bai kuwa yi ba. Manhaja ta kasa ganewa, wannan gazawarta ce, ba wanke shi ta yi ba.

Me malama za ta yi?

Idan tana so ta san ƙarfin manhajar da ke hannunta, sai ta gwada ta da tuli uku a kan batu guda kuma tsawo guda. Tuli na farko rubuce-rubucen ɗalibanta waɗanda aka yi a gabanta da biro da takarda. Na biyu waɗanda inji ya rubuta ba tare da samfuri ba. Na uku waɗanda ya rubuta da samfuri. Kowane tuli ya ƙunshi rubuce-rubuce da dama. Sai ta ƙidaya guda nawa aka tuhuma a tuli na farko, guda nawa kuma suka wuce a na uku. Lamba ta farko ita ce yawan marasa laifin da za ta zalunta idan ta dogara da makin, ta biyu kuwa yawan masu laifin da za su kuɓuce.

Ko ƙaramin kuskure yakan zama babba idan ɗalibai suna da yawa. Kamfanin Turnitin ya ce kuskuren manhajarsa wajen tuhumar rubutun mutum bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta yi lissafi: a 2022 ta zuba rubuce-rubuce 75,000, kashi 1 cikin 100 na wannan kuwa 750 ne. A watan Agusta na 2023 ta kashe wannan sashe na manhajar.

Abin da ya rage wa malama shi ne abin da malamai suka sani tun dā. Ta kira Ladi, ta nemi takardun da ta fara zayyana aikin a kai, ta tambaye ta dalilin da ya sa ta kawo wannan hujja kafin waccan. Wanda ya yi rubutu yana tuna inda ya sha wuya da abin da ya goge. Ta kira Bitrus shi ma, ta tambaye shi me yake nufi da sakin layi na uku, ta ba shi takarda ya ƙara layi goma a gabanta. Wannan ya fi duba maki cin lokaci. Amma kafin a rubuta wa yarinya sifiri, ko a kai sunanta gaban kwamitin ladabtarwa, minti ashirin na tambaya da sauraro ba su yi yawa ba.